94V aka rubuta a ƙofar motata, mai taya ya ce 91H ma duk ɗaya ne

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san taya. Tayoyin bayan motata sun cinye, zan canza guda biyu. Motar mai kujera bakwai ce, kuma gaskiya ba kasafai take tafiya babu mutane ba. Abin da ke jikin tayar da zan cire shi ne `205/55 R16 94V XL`. Mai tayar da na je wurinsa ba shi da irinta. Ya nuna mini kala biyu: ɗaya `205/55 R16 91H`, ɗayar kuma `205/60 R16 92H`. Ya ce in dai 16 ɗin ta zo daidai, sauran rubutun na kamfani ne kawai. Hankalina bai kwanta ba, shi ya sa ban biya ba tukuna. Wacce zan ɗauka?

Autan Gida: Wa alaikumus salam yaya. Ɗauki mai 92 ɗin, ta fi sabunta. 91 da 92 ai shekarar da aka yi su ce.

Baba Direba: Auta, da shekara ce ai da tayar 1991 yake shirin saya, ta girme ka. Ba shekara ba ce.

Autan Gida: Tuba nake Baba. To mene ne?

Malam Mai Faci: Wa alaikumus salam. Abban Sadiq, ka kyauta da ba ka biya ba. Mai tayar nan ya faɗi gaskiya a abu ɗaya tak: duka biyun za su hau rim ɗinka, domin 16 ɗin nan tsayin rim ne daga baki zuwa baki ta tsakiya, inci 16. Amma hawa rim daban, dacewa da mota daban.

Bari mu bi rubutun daga hagu. 205 faɗin tayar ne daga gefe zuwa gefe, a milimita. Lambar da ke binta, 55 ko 60, ita ce ke rikita mutane, don ba milimita ba ce. Tsayin gefen tayar ne, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, amma an rubuta shi a matsayin kaso na faɗin. Wato 55 na nufin gefen ya kai kashi 55 cikin ɗari na 205. In ka buga, zai ba ka milimita 113 saura kaɗan. Mai 60 kuma gefenta milimita 123 ne. Harafin `R` da ke gaban 16 yana nuna yadda aka shimfiɗa zaren cikin tayar, irin saƙar da kusan duk ƙananan motocin yau ke amfani da ita, ba abin damuwarka ba ne a nan.

Abin damuwarka biyu ne. Ta farko girmanta daidai, amma lambar lodinta ta yi ƙasa da taka. Ta biyu girmanta ya sauya, kuma lodin nata ma bai kai ba.

Injiniya Ɗan Boko: Malam, a kan mai 60 ɗin ina ga an cika tsanani. Bambancin milimita 10 ne fa, ko faɗin ɗan yatsa bai kai ba. Ni na taɓa sa mai gefe mai tsayi, motar ta ɗan ɗaga, ramuka ma suka rage damuna.

Malam Mai Faci: Injiniya, gefen taya ai sau biyu ake lissafa shi, akwai na sama akwai na ƙasa. Inci 16 milimita 406 ne da ɗoriya. Ƙara 113 sau biyu, tsayin tayar Abban Sadiq gaba ɗaya ya kama 632. Ƙara 123 sau biyu, ta mai 60 ta kama 652. Bambanci milimita 20 ke nan, wajen kashi 3 cikin ɗari.

Abin da hakan ke jawowa: mota ba ta san nisan da ta ci ba, juyin ƙafa take ƙirgawa. Taya mai tsayi tana cin ƙasa da yawa a kowane juyi, don haka duk abin da malejinka ya saba nuna maka a wani gudu, yanzu ainihin gudun ya ƙaru da kashi 3. Inda da kake 100, yanzu kana 103 allura tana wuri ɗaya. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi damuna shi ne biyu kawai zai canza. Gaba 632, baya 652, na'urar birki da mai hana santsi suna kwatanta juyin ƙafafu huɗun nan da juna, kuma za su riƙa ganin na baya suna juyawa a hankali fiye da na gaba. Wata motar ta haƙura, wata ta kunna maka fitila a gaban direba. Sannan mota mai cika da mutane, bayanta yana zama, sai ka ji tayar tana gugar madigadi in an faɗa rami.

Ban ce ba a taɓa canza girma ba. Ana yi, amma ana neman wanda tsayinsa gaba ɗaya bai kauce ba. Misali `195/65 R15` tsayinta 634 da rabi ne, kusan ɗaya da `205/55 R16`, shi ya sa za ka ga mota ɗaya kamfani ya yarda mata da duka biyun. Rim ɗin ne ya bambanta.

Injiniya Ɗan Boko: Na yarda da maganar sau biyu, na manta da ita. Amma ni huɗun na canza a lokacin, babu fitilar da ta kama.

Malam Mai Faci: To ka ga kai huɗu ka canza. Shi biyu.

Abban Sadiq: Mai 60 ta fita ke nan. Saura 91 ɗin. Malam, 91 da 94 bambancin uku ne kacal. Kilo uku? Ko me?

Malam Mai Faci: Ba kilo ba ne kai tsaye, lamba ce da ake dubawa a jadawali, kuma jadawalin ɗaya ne ko wane kamfani ya yi tayar. 91 na nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 615. 92 kilo 630. 94 kilo 670. Tsakanin taka da wadda aka nuna maka kilo 55 ne a kowace ƙafa, 110 a ƙafafun baya biyu. Ƙaton mutum guda ke nan da jakarsa.

Ba sai ka haddace jadawalin ba. Tayoyi da yawa, in ka duƙa ka duba kusa da bakin rim, akwai ƙananan rubutu kamar `MAX LOAD 615 kg (1356 lbs)`. Fassarar lambar ce aka rubuta maka.

Injiniya Ɗan Boko: To a nan ne zan sake shigowa. 615 sau huɗu 2,460 ne. Motar iyali irin wannan, ko an cika ta maƙil, da wuya ta kai haka. Abban Sadiq, nawa aka rubuta cikakken nauyin motarka? In bai kai 2,460 ba, 91 ta ishe ka, lissafi ne ba ra'ayi ba.

Abban Sadiq: A ina zan gani?

Baba Direba: Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kai, ko na ɗaya gefen, wata motar kuma cikin gidan injin. Akwai ɗan faranti ko takarda mai lambar bodi. Kusa da nan ko cikin murfin tankin mai za ka ga wata takardar daban mai maganar iska. Kwafo mana duka.

Abban Sadiq: Na gani Baba. Shekara huɗu ina hawa motar nan ban taɓa karanta su ba. Ta farko ga abin da ke jiki:

```
2150 kg
3450 kg
1- 1080 kg
2- 1180 kg
```

Ta iskar kuma an zana mutum uku, gaba `2.3` baya `2.2`. An zana mutum bakwai da akwatuna, gaba `2.5` baya `2.9`. A samanta an rubuta `205/55 R16 94V XL`.

Injiniya Ɗan Boko: Kun gani ko? 2,150. Akwai rarar kilo 310. Na gama magana.

Malam Mai Faci: Ba ka gama ba Injiniya, zauna. Lissafinka zai yi daidai da a ce nauyi yana rabuwa huɗu cif. Ba ya rabuwa haka, kuma shi ya sa farantin bai tsaya a 2,150 ba. Layin da ya fara da `1-` iyakar abin da ƙafafun gaba za su ɗauka ne, mai `2-` na baya ne. 3,450 ɗin kuma in motar tana jan tirela ne, a bar shi.

Bayan motarsa an yarda ya kai 1,180. Raba biyu, kowace taya 590. Tayar 91 tana ɗaukar 615. Rarar da ta rage kilo 25 ce a kowace ƙafa, ba 310 ba. Kuma wannan in lodin ya zauna daidai tsakanin hagu da dama ne, in manya biyu suka zauna gefe ɗaya yara suna ɗayan, 25 ɗin ta tafi.

Yanzu ga inda nake so kowa ya buɗe kunne, don shi ne abin da ba a rubuta da manyan baƙi a jikin taya ba. Ba robar ce ke ɗaukar mota ba, iskar da ke ciki ce. 615 ɗin nan alkawari ne mai sharaɗi: sai iskar ta kai `2.5 bar`, wato kusan `36 psi`. In ta yi ƙasa, abin da tayar ke iya ɗauka ya yi ƙasa. A `2.2 bar` tayar 91 wajen kilo 555 take ɗauka. A `2.0` ta sauko wajen 515. To ɗauki Abban Sadiq da iskar da ya saba sha, 2.2 a baya, ya kwashi mutum bakwai da kaya. Ƙafafun baya biyu suna iya ɗaukar 1,110, an ɗora musu abin da zai iya kai 1,180. Ya wuce iyaka, alhali bai wuce nauyin da aka yarda wa motar ba ko kaɗan.

Abban Sadiq: Innalillahi. Malam, ni fa ko da tsofaffin ban taɓa ƙara iska don na ɗauki mutane ba. 32 nake cewa a sa mini ko'ina, shi ke nan.

Malam Mai Faci: `32 psi` shi ne 2.2 ɗin. To ka ji wani abin da zai ba ka mamaki: a wannan iskar, tayarka mai 94 ba ta fi mai 91 da komai ba. `XL` ɗin da ke jiki yana nufin an ƙarfafa ginin tayar don ta jure iska mai yawa, kuma da iskar ce take samun ƙarin lodin. Ba ta kai 670 sai a `2.9 bar`, kusan `42 psi`. In ka bar ta a 2.2, abin da take ɗauka bai kai 540 ba, har ta ɗan gaza mai 91. Shi ya sa takardar ƙofarka ta ce 2.9 a baya in an cika mota. Wanda ya rubuta ta ba hasashe ya yi ba, daidai iskar da tayar ke buƙata ya rubuta.

Ka duba mana tsofaffin da za ka cire. Ina suka fi cinyewa?

Abban Sadiq: Gefe da gefe, ta ciki da ta waje duka sun yi sumul. Tsakiyar akwai sauran zane, har na ce ko a bar su su ƙara wata biyu.

Malam Mai Faci: Shaidar ke nan. Tayar da lodi ya fi ƙarfin iskarta tana bajewa, kafaɗunta su ne ke cin titi, tsakiya ta ɗan ɗaga. Da gefe ɗaya ne kawai ya cinye sai in ce saitin ƙafa ne. In an cire su, sa hannu ka shafa cikinsu. In ka ga baƙin gari kamar na gawayi, ko wani layi da ya yamutse ya zagaye cikin gefen, to sun sha zafi, kada ka yarda a mayar da ko ɗaya ta zama safaya.

Injiniya Ɗan Boko: To ai maganin mai sauƙi ne. Ya sayi 91 ɗin ya ɗura mata 2.9 ko 3. A jikin tawa an rubuta `MAX PRESS 51 PSI`, wato za ta ɗauka.

Malam Mai Faci: Za ta ɗauki iskar ba ta fashe ba, amma lodinta ba zai wuce 615 ba. Daga 2.5 zuwa sama, ƙarin iska a tayar da ba `XL` ba bai ƙara mata ko kilo ɗaya. 51 ɗin iyakar da ba a so ka wuce ce, ba iskar da ake tafiya da ita ba. Na sha ganin yara masu koyon aiki suna karanta wannan lambar su ɗura wa mutane ita, mota ta riƙa tsalle kamar akuya, tsakiyar taya ta cinye.

Baba Direba: A ƙara da cewa da safe ake auna iska, kafin mota ta yi tafiya. Na yi shekara talatin da wani abu a kan hanya, kuma kuskuren da na fi gani shi ne direba ya tsaya bayan tafiyar awa biyu, ya sa geji ya ga iska ta hau, ya sace ta wai kada taya ta fashe. Zafi ne ya ɗaga ta. In ka rage, ka ƙara mata lanƙwasa, lanƙwasa ta ƙara zafi. Abin da kake gudu shi ka kira.

Maman Hanifa: Sannunku da ƙoƙari. Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Bas ɗin da maigidana ke aiki da ita, tayarta an rubuta `195 R15C 106/104R`. Babu lambar tsakiyar nan da Malam ya yi bayani, lambar lodin biyu ce, kuma `R` ta fito sau biyu. Ko jabu aka sayar mana?

Malam Mai Faci: Ba jabu ba ce Hajiya, rubutun tayar motocin aiki ne. `C` ɗin na nuna ta motar haya da ɗaukar kaya ce. In ba a rubuta lambar tsakiya ba, gefen yana wajen kashi 80 cikin ɗari na faɗin. Lambobi biyun kuwa, 106 in taya ɗaya ce a kowane gefe, kilo 950. 104 in an jera biyu a gefe ɗaya kamar bayan wasu manyan motoci, kowacce kilo 900. Bas ɗinku in ƙafa ɗaya-ɗaya ce, 106 ce taku. `R` ta farko saƙar taya ce, ta ƙarshe harafin gudu ne, kilomita 170 a awa. Harafi ɗaya, aiki biyu, wurin zamansa ne ke bambanta su.

Abin da zan roƙa, ki gaya masa kada wani ya sa masa tayar ƙaramar mota don ta hau rim ɗin. Kuma irin wannan tana shan iska fiye da ta ƙananan motoci nesa ba kusa ba, ya bi takardar jikin bas ɗin.

Maman Hanifa: Na gode Malam, Allah ya saka. Dama shi ya ce lafiyarta ƙalau, ni ce mai shakka.

Autan Gida: Tunda an zo kan haruffa, ni abin da ban gane ba: H ai tana gaba da S da T a jerin baƙaƙe. Wato H ta fi su rauni?

Baba Direba: A'a. S 180 ce, T 190, H 210, V 240, W 270, Y 300. H ce ta tsallake layi ta je ta zauna tsakanin U da V. Haka muka tarar.

Kuma a nan ni zan saɓa wa duk wanda zai ce lallai sai V. Abban Sadiq, ka taɓa kai 210 da iyalinka a mota?

Abban Sadiq: Haba Baba. In na kai 120 ma uwargida ta fara salati.

Baba Direba: To ka gani. Maganar lodi na bi Malam ɗari bisa ɗari, don na ga abin da lodi ke yi wa taya da idona. Amma harafin gudu, mutumin da bai wuce 120 ba, H mai 210 ta yi masa yawa ma. In ya samu `94H XL` ya saya ya huta.

Malam Mai Faci: Baba, ranka ya daɗe, ban ce maganarka babu gaskiya ba. In aka ce in zaɓa tsakanin `94H XL` da `91V` a motar nan, ko tunani ba zan yi ba, mai 94 zan ɗauka. Amma harafin ba izinin gudu ba ne kawai. Yadda ake samunsa shi ne a ɗaki: a ɗora sabuwar taya kan wani ƙaton ganga mai juyawa, da iskarta daidai, a danna mata nauyi, a riƙa ƙara gudu mataki-mataki na 'yan mintuna har a kai wannan lambar ba ta tarwatse ba. Abin da ake gwadawa a zahiri shi ne yadda take jure zafin da take haifarwa da kanta. Sabuwa ce fa, babu faci, babu rami, babu shekaru. Tayar da ke kan titi mai zafi da rana tsaka, da lodi, da iskar da ta ɗan ragu, ta riga ta cinye wani kaso na wannan rarar tun kafin a kai 120. Mai V rararta ta fi yawa. Sau da yawa kuma gininta ya fi tauri, motar ta fi amsa sitiyari, kuma da irinta kamfani ya gwada motar.

Baba Direba: Duk na ji. Amma tsakanin 120 da 210 akwai 90. Wace irin rana ce za ta cinye 90? Ni motocin da na tuƙa da S da T suka yi ta yawo, abin da ya fasa mana taya lodi ne da ƙarancin iska da tsufa, ban taɓa ganin wadda harafi ya fasa ba.

Malam Mai Faci: Ni ma ba zan iya nuna maka wadda zan rantse harafi ne ya fasa ta ba. Abin da na sani, ƙa'idar masu yin taya ita ce kada a sauka ƙasa da abin da ke takardar mota, a lodi ko a gudu, hawa sama kuwa babu laifi. Akwai ƙasashen da in ka kai mota gwajin lafiya da harafin da bai kai ba za a iya mayar da kai. Ni a bakin aikina ba zan ce wa mutum ya sauka ba. In ya sauka da saninsa, to ya sani cewa motar gaba ɗaya ta koma kan iyakar tayar da ta fi rauni, kuma kada ya haɗa H da V a ƙafafu biyu na layi ɗaya, hagu daban dama daban.

Baba Direba: Wannan na ƙarshen mun haɗu. Sauran kuma kowa ya riƙe nasa.

Injiniya Ɗan Boko: Ni dai har yanzu ina ganin in mutum shi kaɗai yake hawa, daga gida sai wurin aiki, 91 ba za ta yi masa komai ba.

Malam Mai Faci: In shi kaɗai ne, nauyin ba zai kai ba, gaskiya ne. Sai dai mai tambayar da bakinsa ya ce motar ba ta tafiya babu mutane. Kuma taya shekaru take yi a mota, ranar da za a cika ta ba a sanarwa.

Autan Gida: To Malam shekarar fa? Tunda 91 ba ita ba ce, ina take? Kada in sake jin kunya.

Malam Mai Faci: Nemi layin da ya fara da `DOT`. A ƙarshensa akwai lambobi huɗu, galibi cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. `2319` na nufin mako na 23 a 2019. Tun shekarar 2000 ake rubuta huɗu, in ka ga uku to tayar ta girmi haka, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake buga ta, in ba ka gani a waje ba tana ta ciki. Kuma ranar haihuwa ce, ba ranar mutuwa ba. Mutane suna karanta ta su ce taya ta ƙare a shekara kaza, alhali shekarar da aka yi ta ce.

Maman Hanifa: To shekara nawa take yi kafin a ce ta tsufa? Wani ya ce mana huɗu.

Malam Mai Faci: A nan baki bai zo ɗaya ba Hajiya. Wasu kamfanonin mota suna cewa a canza a shekara shida ko da zane bai cinye ba. Wasu masu yin taya suna cewa daga shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, kuma kada ta wuce goma ko yaya take da kyau. Ni ina haɗa lambar da abin da idona ya gani: in gefen ya fara tsattsagewa ƙanana-ƙanana kamar busasshiyar ƙasa, ba na jiran lissafi.

Abban Sadiq: Na koma wurin mai tayar da yamma. Na ce masa 94 nake so mai `XL`. Da farko ya ce babu bambanci, na nuna masa `615 kg` a jikin tasa da `670 kg` a jikin tawa, sai ya yi dariya ya ce wa ya koya mini. Ya buga waya, ya ce zai samo `94V XL` amma sai jibi, `94W XL` kuma akwai ta yanzu a wurin wani. W ɗin ta yi, ko in jira?

Malam Mai Faci: W ta wuce V, ta yi. Duba `DOT` ɗin duka biyun kafin a ɗaura, ka tabbata girman `205/55 R16` ne harafi da harafi. In an ɗaura, 2.2 a baya in ku kaɗan ne, 2.9 in za a cika. Na gaban ma ka duba nasu rubutun, ba mu tambaye ka ba tun ɗazu.

Abban Sadiq: Na duba yanzu da fitilar waya. Ta dama `94V XL`. Ta hagu `91V`. Ban ma san yaushe aka sa mini ita ba, ina jin ranar da na fasa taya a hanya ne.

Baba Direba: To ga aiki ya ƙaru. Malam, gaba 1,080 ne, 540 kowace ƙafa, kuma takardar ta ce 2.3. Ya bar ta zuwa wani lokaci ko ya haɗa uku?

Malam Mai Faci: Nauyin ba zai fi ƙarfinta ba a wannan iskar. Amma hagu da dama gini daban a ƙafafun sitiyari, ni ba na so. Abban Sadiq, safayarka mece ce a jiki? Duba ka faɗa mana, wataƙila abokiyar ta damar tana kwance a but.